Sefar Yaya da Nairata

Mu uku iyayenmu suka bari: Yaya, ni, sai ƙanenmu. Ƙanen ne Allah ya fara ɗauka, ana saura 'yan watanni sojoji su miƙa mulki. Ya bar ɗiya guda, wadda ta ci sunan mahaifiyarmu, don haka babu mai kama sunanta a gidanmu. Uwata muke ce mata, ni da Yaya, tun tana rarrafe. Da aka yi rabon gado, rabonta ya fito a wani fegi da gona a Batagarawa, sannan uwarta, wadda ta koma gidansu a Funtua, ta ce a haɗa da nata a yi wa yarinyar karatu.

Uwata ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta samu gurbin koyon harhaɗa magunguna a wata makaranta a Sudan, karatun shekara biyar. Lokacin jami'o'inmu sun sha yajin aiki har mun gaji da lissafi, ita kuma ta ƙwallafa rai. Muka sayar da fegin da gonar. Kuɗin makarantar da dalar Amurka ake biya, kowace shekara adadi ɗaya, haka aka rubuto. Muka tambayi farashin dala a wannan makon, muka buga, sai muka ga abin da ke hannunmu ya yi daidai da shekara biyar cif, kamar an auna. Na tuna Yaya ya ɗaga hannu yana cewa, "Kin ga ikon Allah? Uban ya biya mata kafin ya tafi." Ni ma na yi ƙwalla ranar, ta farin ciki.

Mun so mu biya duka a wuce wurin, makarantar ta ce shekara-shekara take karɓa. To, muka canza kashi ɗaya, muka biya shekarar farko, Uwata ta tafi. Saura kashi huɗu, kuma a kansu ne muka fara sa-in-sa.

Yaya ɗan hatsi ne a Babbar Kasuwa. Rumfarsa tana layin masu gero, da ɗakin ajiya a bayanta, kuma rabin cinikinsa da mutanen Maraɗi yake yi. Su zo da sefa, kuɗin Nijar, su loda masara da gero su tafi. Yana gane sefa ta gaske da yatsa ko idonsa a rufe. A wurinsa naira ƙanƙara ce, ka riƙe ta a hannu tana ɗiga. Ya ga abin da ta yi a zamanin soja, bai manta ba. Ni kuwa malamar makaranta ce da aka mayar ofis a ma'aikatar ilimi, kusa da GRA, ina zama cikin mutanen da ke karanta jarida suna gyara ƙasa da baki. Duk mun yi imani cewa tunda farar hula ta dawo, naira za ta miƙe. Na ce a sa kuɗin a banki, amanar marainiya ce, ba a ajiye ta a akwati.

"Banki mi zai yi maki?" in ji Yaya. "Zai ba ki takardunki yadda kika ba shi, ƙidaya ta cika, amma ba za su sayi abin da suka saya jiya ba."

"To sefar taka fa, Yaya? Makarantar Maraɗi muka kai ta?"

"Kuɗin waje ai kuɗin waje ne. Ke dai ba ki san kasuwa ba."

Za a ce me ya hana mu sayi dalar tun ranar mu huta? An kawo maganar. Yaya ya ce shi bai san takardar ba, duk launinsu ɗaya, kuma an taɓa cusa wa wani maƙwabcinsa jabu lokacin aikin hajji. Ba zai zuba gadon marainiya a cikin abin da yatsansa bai sani ba. Ni kuma ina ganin dala ta yi tsada a lokacin, in muka jira za ta sauko, mu samu rarar da za mu saya wa yarinyar littattafai. Na tambaya a reshen bankinmu ko za a buɗe mini asusun dala, aka ce sai na je Kano. Kano kuwa ba bayan ɗaki ba ce ga mace mai aiki da yara biyar, sai na ce wata rana.

Da muka kasa shawo kan juna, muka raba biyu. Kashi biyu na kai banki da naira, a asusun da ba ruwa, don Yaya ya rantse ba za a haɗa kuɗin marainiya da riba ba, ni ma ban musa ba. Kashi biyu ya mayar sefa, ya kulle a akwatin ƙarfe a ɗakinsa. Muka rabu kowa yana jin shi ne mai hankali.

Duk Juma'a da la'asar nakan leƙa gidansa a cikin gari. Matarsa ta dama mana fura, mu gaisa, a tambayi yara da aiki da gajiya, sai ya gyara zama ya ce, "Malama, ya jikin nairar taki?" Sai ya faɗa mini nawa aka canza jaka guda ta sefa, wato dubu ɗaya, a kasuwa a wannan makon. Kullum kuwa ko tana nan inda take, ko ta ɗan ɗaga sama da naira. Ba wani tashi na a zo a gani ba, amma ya ishe shi tsokana. Ni kuma in ce masa ya jira, gwamnati ba ta gama zama ba. Wallahi muna jin daɗin wannan faɗan. Tun rasuwar ƙanenmu shi ne abin da ya fara sa mu dariya tare.

Da shekara ta zagayo, Yaya ya ce a fara da nawa tunda shi ne mai narkewa. Na so in bi ta banki, don farashinsu ya fi na 'yan canji sauƙi in kuɗin makaranta ne. Na kai takardun da suka nema, aka ce a dawo, aka sake cewa a dawo. Ranar rufe rajista ta matso, dole muka nufi ɗan canji a bayan kasuwa, wani mutum mai sanyin magana da ake kawo wa dala daga Kano. Kashi ɗaya bai isa ba, sai da na gutsuro daga na biyun. Makarantar ba ta ƙara ko sisi ba, adadin da suka rubuto bara shi suka rubuto bana. Dalar ce ta ƙara nisa da naira.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Yaya bai yi mini dariya a gaban ɗan canjin ba, sai da muka fito ya ce, "Kada ki damu, Malama. Nawa yana nan daram. Abin da naki ya zubar, nawa zai kwashe." Na yarda da shi, har na ji sanyi a zuciyata. Duk wanda ka tambaya a Katsina a lokacin haka zai ce maka, mai sefa ya tsira.

A shekarar ce aka yi ƙarin albashi, kuɗi suka yawaita a gari, kaya suka tashi. A ofis masu gyara ƙasa da baki suka koma cewa sai baɗi. Uwata tana aiko da gaisuwa ta hannun masu zuwa, ta ci jarrabawa, ta koyi Larabcin kasuwa, ta rame saboda zafi. Mu dai muna nan, fura da tsokana.

Biya na uku ne ya buɗe mana ido. Abin da ya rage a banki bai kai ko'ina ba, don haka Yaya ya buɗe akwatinsa. Ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya ɗauko sefar duka, wai yana so ya ji nawa ta zama da dala don in gani da idona. Muka zauna a kan benci a shagon ɗan canjin. Aka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa, sannan mutumin ya ƙirga, ya danna na'urarsa, ya juyo da ita wajen Yaya.

Yaya ya duba, ya sake dubawa. "Alhaji, sake bugawa dai."

Ya sake. Abin da ya fito ɗazu shi ya fito.

"Haba! Sefa ce fa, ba naira ba."

"Na gani, Malam," in ji ɗan canjin. "Ita ma ai ta kwanta wa dala tun bara waccan. Kuma ni sai na saye ta da naira, sannan in sayar maka da dala. Canji biyu ke nan, kowanne da ɗan abin da yake ci."

Daga baya ne na fahimci abin sosai, da na yi ta tambaya. Sefa ba ta da ƙafar kanta. A ɗaure take da kuɗin Faransa, shi kuma a shekarun nan ya shiga cikin sabon kuɗin da ƙasashen Turai suka haɗa, wanda tun da aka ƙirƙiro shi yake ta gangarowa a gaban dala. Duk inda ya gangara, sefa tana biye. Naira ma tana gangarowa ta nata dalilin. Mu kuma a Katsina muna auna sefa da naira, muna ganin ba ta motsa ba, muna murna. Kamar mutum biyu ne a bayan mota ɗaya tana sauka gangare, kowa yana kallon ɗan'uwansa yana cewa ai a tsaye muke. Babu wanda ya taɓa tambayar nawa sefa take a gaban dala, don babu mai buƙatar sani a kasuwar hatsi. An gudu ba a tsira ba, nairata da sefarsa duk kanwar ja ce.

A kan bencin nan muka yi lissafin. In aka cire na wannan shekarar, abin da ya rage zai biya shekara ta huɗu, da ɗan guntun da bai kai rubu'in ta biyar ba. Shekarar ƙarshe ta tafi, kuma babu wanda ya sata, babu wanda ya ci. Shekarar da in ba a yi ta ba, sauran huɗun sun zama yawon buɗe ido.

Sai Yaya ya tura jakar sefar gaba ɗaya gaban ɗan canjin ya ce, "Mayar da ita duka."

Na riƙe hannun rigarsa. "Yaya, duka? Yanzu da ta faɗi? In ta tashi gobe fa?"

"In ta ƙara faɗuwa fa? Ke kin sani? Ni ban sani ba. Abin da na sani, su dala suka ce. In na riƙe dala, ko duniya ta kife, an biya shekara ta huɗu. Na gaji da caca da kuɗin marainiya."

Ya sa ɗan canjin ya koya masa yadda ake gane takardar, ya shafa kowace ɗaya da yatsa, ya ɗaga ta sama ya duba. A makon nan na ɗauki hutu na tafi Kano na buɗe asusun dalar da na yi ta cewa wata rana, muka zuba.

Muka yi shawara kada a gaya wa Uwata, kada hankalinta ya rabu biyu. Muna da kusan shekara biyu mu cike gibin. Na shiga adashe a ofis, kuma duk abin da na kwasa ko na rage daga albashi, ba na barinsa ya kwana biyu da naira, sai in kai wa ɗan canjin ya ba ni dala ko da takarda ɗaya ce. Har ya san sallamata. Amma albashin malama mai yara biyar, me zai yi? Ina tarawa da cokali, ramin kuwa na ƙwarya ne.

Sai kuma abin haushi. Ba a jima sosai ba kuɗin Turai ya farfaɗo, sefa ta bi shi, ta yi ta hawa har ta wuce inda Yaya ya saye ta a gaban dala. Abokansa na layin gero, waɗanda suka san labarin, suka samu abin yi. "Malam, da ka yi haƙuri da yanzu ka cike ramin har da canji!" Wani ya ce ya sayar da kaza ana gobe za ta yi ƙwai. Ni abin ya ci ni ƙwarai, na kwana biyu ba na jin daɗin abinci. Na je masa da maganar ranar Juma'a, ina jiran in ga ya karaya.

"Sun yi gaskiya," ya ce, yana juya furarsa. "Amma ranar da na canza, wa ya zo ya ce mini za ta tashi? Kowa malami ne bayan an gama. Ni dai tun daga ranar nake barci."

Daga nan ya daina tambayata jikin naira, ni ma ban ƙara tsokanarsa da sefa ba. Muka koma hirar yara da ciwon gwiwa.

Aka biya shekara ta huɗu daga asusun, ba mu ko tambayi farashin ranar ba. Karo na farko ke nan da muka biya kuɗin makaranta ba tare da faɗuwar gaba ba. Da ta biyar ta ƙarato, muka haɗa guntun da ya rage da abin da na tara, ya kai wajen rabi. Sauran rabin Yaya ya ce in bar masa.

Sana'ar ɗan hatsi a ajiya take. Ka saya da kaka yana arha, ka danne a ɗaki, ka fitar da bazara ko farkon damina da ya yi tsada. Kuɗin makaranta kuwa ba su san kaka da bazara ba. Yaya ya cika ɗakinsa da gero da duk jarinsa, sai ga ranar biya ta zo tun buhunan ba su gama zama ba. Ya fitar da su kusan yadda ya saya. Bai isa ba, don naira ta ƙara zamewa tsakanin lokacin da ya yi lissafinsa da ranar da ya je canji. Sai ya sallama rumfar da ɗakin ajiyar ga wani yaronsa na da, wanda ya yi ƙarfi. Ban sani ba sai da aka gama. Na je gidan ina faɗa, ina kuka, na ce da ya gaya mini da mun nemi rance.

"Rance da wane kuɗi za a biya, Malama? Da nairar? Bari dai. Ba kyauta na yi ba. An ba ni shekara biyar in ajiye, dole in mayar da shekara biyar."

Na ce ai mu biyu aka ba. Ya ce ni na yi nawa, kuma shi ne babba.

Ya koma dillanci a kasuwar. Mutumin da masu lodi ke jira ya buɗe ɗaki, shi ne yanzu yake bin motocin ƙauye yana haɗa mai saye da mai sayarwa, a ba shi la'ada. Bai taɓa yin ƙorafi a gabana ba, amma na lura ya daina bi ta layin gero, sai ya zagaya ta wajen masu atamfa.

Uwata ta gama, ta dawo ana tsakiyar damina. A gidana ta sauka. Washegari da hantsi ta ce ba za ta jira Juma'a ba, kasuwa za ta je ta nuna wa Baffanta takardar a rumfarsa, a gaban abokansa. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ɗauki mayafina na bi ta. Tana gaba da sauri, tana tsallake taɓo, ta san hanya. Ta isa rumfar ta yi sallama da murya sama, sai ta ga wani a zaune a kan buhu. Ya gane ta, ya miƙe, ya yi mata barka da zuwa, ya nuna mata bakin ƙofar kasuwa inda motoci ke sauke kaya.

Ta juyo ta kalle ni. A tsaye a nan, masu dako suna ture mu, na gaya mata komai a taƙaice: nairata, sefarsa, geron da rumfar. Sai ta kama hanya.

Mun same shi a inuwar wata mota, riƙe da ɗan samfurin dawa a tafin hannu, yana ciniki da wani baƙauye. Da ya gan ta sai ya watsar da dawar, ya goge hannu a riga. "Uwata! Yaushe a gari?" Ta durƙusa a ƙasa, cikin laimar nan, ta miƙa masa takardar. Ya karɓa da hannu biyu. Ba ya karanta boko, amma ya daɗe yana dubawa.

"Baffa, me ya sa ba ku gaya mini ba?" in ji ta. "Da na dawo. Wallahi da na dawo."

"Shi ya sa," ya ce.

"Zan yi aiki in karɓo maka rumfar."

"Tashi, kina ɓata kayanki." Ya ɗago ta, ya mayar mata da takardar. "Ta cika? Ba sa bin ki komai?"

"Ba sa bi na komai, Baffa."

"To alhamdu lillahi. Yanzu in na haɗu da ubanki, ina da bakin gaishe shi."

Baƙauyen ya yi gyaran murya, yana so a ƙarasa cinikinsa. Yaya ya ce mana mu je gida, zai zo bayan la'asar, sannan ya sunkuya ya ɗebo wata dawar daga bakin buhun.